Layi Goma a Kan Inna

A shekarar da Inna za ta yi ritaya ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Inna ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ita ta raine ni, domin mahaifiyata ta rasu a ranar da ta haife ni. Ungozoma ce a wani asibitin gwamnati a Argungu, shekara talatin da biyar tana wannan aiki.

Wata Talata ina tsakiyar duba littattafan ɗalibai ta kira ni a waya. Ta ce abokan aikinta za su yi musu walimar ban kwana, su huɗu da za su bar aiki tare, kuma za a buga ɗan littafi da hoton kowa da taƙaitaccen tarihinsa.

"Sun ce layi goma, kar ya wuce," in ji ta. "Ke ce mai alƙalami. Ki rubuta min abin da za a karanta ban ji kunya ba."

Na ce wannan ai ba wani aiki ba ne. Na sha rubuta irinsa. Duk lokacin da malami zai bar makarantarmu, ko wani babba zai zo rabon kyaututtuka, ni ake ba. Ina da kalmomina a ajiye kamar kayan miya: haziƙa, jajirtacciya, mai haƙuri, mai gaskiya da riƙon amana, uwa ga kowa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi na gama. Na sa garin da aka haife ta, wani ƙauye kusa da Augie, na sa makarantar ungozoma da ta yi da wuraren da ta yi aiki, sauran layukan kuma na cika su da yabo. Da na karanta sai na ji ya yi daɗi a kunne.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Argungu. Lokacin shinkafa ta fara fitar da kai, fadamar Ambursa kore shar har iyakar gani. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Bayan mun gaisa na ciro takardar na karanta mata da irin muryar da nake karanta wa ɗalibai. Ba ta ɗago kai ba har na kai ƙarshe. Sai ta ce, "Allah ya jiƙanta."

"Wa, Inna?"

"Wagga matar da kinka karanta. Ai da ji ta mutu. Mutuniyar kirki ce, amma ban san ta ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki, ta fito da wasu tsofaffin littattafan walima guda uku na waɗanda suka riga ta barin aiki. Ta ce in rufe sunayen da hotunan da hannuna in karanta. Na karanta. Kowa haziƙi ne, kowa mai haƙuri ne, kowa ya riƙe amana. Ta nuna ɗaya ta ce wannan mutumin ya shekara ashirin ba ya amsa gaisuwar masu shara. Ta nuna wata ta ce wannan kuwa da albashinta take saya wa marasa lafiya abin karin kumallo. A takarda babu abin da ya raba su.

"To mi za ki ce da ni wanda ba a ce da wancan ba?"

Abin ya ba ni haushi, don a gabanta na girma, na ɗauka babu wanda ya san ta kamar ni. Na ce to ta faɗa mini abin da take so a rubuta. Ta ce in da ta san wannan ai da ba ta kira ni ba.

Na kwana biyu a gidan, na kira makaranta na nemi izinin Litinin. Da safe na bi ta asibiti, abin da ban taɓa yi ba tun ina ƙarama. Ranar awo ce, mata masu ciki sun cika bencina har wasu sun shimfiɗa zane a ƙasa. Inna ta shiga aiki ta manta da ni. Na sami wata nas, matashiya da ke aiki a ƙarƙashinta, tana jera katunan awo, na tambaye ta wace irin mutum ce Inna.

"Mama? Ai Mama akwai haƙuri. Akwai kirki."

Na ce na ji, amma ba wannan nake nema ba. Na ce, "In an ce ki kwaikwaye ta, ba tare da kin yi magana ba, har kowa ya gane ita ce, me za ki yi?"

Ta waiga ta tabbata Inna ba ta kallonmu. Sai ta haɗa tafukan hannunta ta shiga murza su da sauri, ta hura musu iska, ta ɗora ɗaya a kuncinta kamar mai gwada zafin ruwan wankan jariri. Wata ma'aikaciya da ke wucewa ta gani ta tuntsire da dariya ta ce, "Mama kenan!"

Nas ɗin ta ce a makaranta an koya musu cewa a ɗumama hannu kafin a taɓa cikin mai juna biyu, amma yawancinsu sai lokacin sanyi suke tunawa. Inna kuwa ko a watan da zafi ya fi tsanani, ko mata hamsin ne a layi, sai ta wanke hannu, ta tsane shi, ta murza har ya yi ɗumi, kafin ta taɓa kowa. Har ɗan ƙahon ƙarfen nan da ake ɗorawa a ciki a saurari bugun zuciyar jariri, sai ta riƙe bakinsa a tafinta tukuna.

Da izinin wata mata na tsaya bakin labule na gani da idona. Inna ta yi yadda aka kwatanta, ba ta ma san tana yi ba, bakinta na tambayar matar ko ɗan yana motsi. A nan tsaye na tuna cewa haka take yi mini. Duk zazzaɓin da na yi a rayuwata, kafin hannunta ya sauka a goshina sai na fara jin wannan sautin na murza tafi. Shekara arba'in ina jin sa, ban taɓa lura cewa wani abu ne ba.

Da la'asar muna zaune a gida na ce mata na samu abin da zan rubuta. Na kwaikwayi murza hannun ina dariya. Na zaci za ta yi dariya ita ma, ko ta ce in bar shirme. Sai na ga fuskarta ta sauya.

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani, Inna. Har kwaikwayonki suke yi."

"A'a. Dalilin nake nufi."

Na ce ban san akwai dalili ba. Sannan ta fara, ba ta dube ni ba.

Ta ce a ranar da aka haife ni tana da shekara goma sha takwas, ba ta san komai ba game da haihuwa. Damina ce, an kwana ana ruwa, fadama ta cika ta shanye hanyar da mota ke bi. Na faɗo da hantsi lafiya, ana ta murna, amma jini ya ƙi tsayawa. Tsofaffi suka yi abin da suka sani, maza suka tafi neman yadda za a fitar da ita. Ita Inna aikinta ɗebo ruwa daga rijiya da wanke tsummoki, ta yi sawu ya fi a ƙirga. Can sai yayarta ta kira ta. Ta shigo da hannu jiƙe, ta durƙusa, ta ɗora shi a goshinta.

"Sai ta ɗan janye kai, ta ce, 'Kai, hannunki da sanyi.' Na ce bari in goge. Na juya ina goge shi da zanena, ina murzawa. Kafin in juyo an fara salati."

Ta ce wannan ce magana ta ƙarshe da yayarta ta yi a duniya. Ba wasiyya, ba ta ce a kula da jaririya ba, ba ta kira sunan kowa ba. Kuma babu wanda ya ji sai ita.

"Na sani ba hannuna ya kashe ta ba," in ji Inna. "Na yi karatu, na san abin da ya kashe ta, na tsayar da irinsa a jikin mata da yawa. Amma abin da ta ji na ƙarshe sanyi ne, kuma daga gare ni ya zo."

Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da ya kama ni wani iri ne. Tun tasowata, duk wanda na tambaya game da mahaifiyata amsa ɗaya yake ba ni: mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta da abokin faɗa. Babu hotonta ko ɗaya. Na girma da waɗannan kalmomi uku, kuma ban taɓa iya ganin mutum a cikinsu ba. Ran nan ne karo na farko da na ji muryarta. Mace ce da ta ji sanyi ta janye kai ta yi ƙorafi. Na yi ta maimaita maganar a zuciyata, ina gwada yadda za ta fito daga bakin mutum.

Na ce, "Inna, ita fa? Me takan yi? Ba halinta ba, wani abu da takan yi."

Ta ce, "Tana da haƙuri." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta rufe fuska. Ta ce in ba ta lokaci, abin ya daɗe.

Da na koma Birnin Kebbi na zauna rubutu, ya ɗauke ni kwana huɗu. Na fara da sa labarin duka, na ga ya fi ƙarfin layi goma, kuma ba nawa ba ne da zan karanta wa mutane a lasifika suna shan lemo. Na cire dalilin. Sannan na rubuta al'adar, na bi ta da cewa wannan ya nuna tausayinta da ƙaunarta ga al'umma. Na dubi jimlar na ga na koma gidan jiya, na ce wa mai karatu abin da zai ji maimakon in bar shi ya ji. Na soke ta. Abin da ya rage shi ne inda aka haife ta, karatunta, wuraren da ta yi aiki da shekarun da ta yi, sai wannan a ƙarshe:

"Ba ta taɓa ɗora wa mace hannu mai sanyi ba. Ko ana tsananin zafi, ko layi ya kai bakin ƙofa, sai ta wanke hannu, ta murza shi, ta gwada a kuncinta, sannan ta ce, 'To, bismillah, matso.'"

Na karanta mata a waya kafin in aika wa kowa, domin ba na son ta fara jin sa a bainar jama'a. Na gaya mata in ba ta so zan cire. Ta tambaya ko na sa maganar yayarta, na ce a'a. Ta ce, "To bar shi. Wagga kam na san ta."

Matsala ta taso daga shugaban kwamitin walimar, wani dattijo mai kula da sashen mulki na asibitin. Ya kira ni da ladabi ya ce, Malama, rubutu ya yi kyau, amma akwai gyara. Sauran ukun duk an ce musu haziƙai masu riƙon amana. In aka zo kan Hajiya aka ce tana murza hannu kawai, mutane za su ce kwamiti ya rage mata daraja, ko kuma akwai wata a ƙasa. Ya ce ko kalma uku ce in ƙara.

Na fahimci tsoronsa, don ni ma na ji shi. A wurinmu in ba a yabi mutum da baki ba, sai a ɗauka an ƙi shi ne. Na ce, ranka ya daɗe, a gwada abu ɗaya: ya rufe sunan ya karanta wa duk wanda ya fara shigowa ofishinsa, in bai gane ko wace ce ba zan sake rubutawa yadda yake so. Bayan kamar awa ɗaya ya sake kira. Ya ce mai shara ce ta shigo, kuma tun bai kai ƙarshe ba ta faɗi sunan. Duk da haka sai da ya je ya tambayi Inna da kansa, ta ce masa a bar mata abinta. A wurin buga littafin ya sa an ƙara "Uwa ga kowa" a ƙarƙashin hotonta da manyan baƙaƙe. Ban yi musu ba.

An yi walimar a harabar asibitin, ƙarƙashin rumfuna, da hantsi. Aka karanta na mutum uku, ana tafi a inda ya kamata. Da aka zo na Inna, mai gabatarwa ya karanto makarantu da shekaru da murya ɗaya, sai ya iso layukan ƙarshe ya rage sauri, kamar bai yarda da abin da ke gabansa ba. Da ya ce "To, bismillah, matso," sai wata 'yar dariya ta tashi daga ɓangaren ma'aikata. Daga bayan rumfa kuma, inda matan gari suka tsaya da goyo, wata ta ce da ƙarfi, "Wallahi haka take!" Na waiga na ga mata da yawa suna gyaɗa kai, wata tana share ido da gefen mayafi, wata ta ɗora hannu a cikinta ba ta sani ba.

Inna tana zaune a kujerar gaba cikin leshi, hannayenta a cinya, ɗaya a kan ɗaya. Kowa ya ɗauka kunya ce ta sa ta sunkuyar da kai. Ni kaɗai a wurin na san cewa mutum biyu aka karanta a layukan nan, kuma ɗayar ba a ambace ta ba. Ana tafi ina jin kamar akwai wata a tsaye a bayan kujerar Inna, yarinya ƙarama da ni yanzu na girme ta da kusan shekara ashirin. Har aka tashi ban iya cin abincin da aka ba ni ba.

Bayan an watse mata suka yi ta zuwa gaishe ta, wasu suna kama hannunta suna juyawa suna dariya. A mota ta ce mini na jawo mata, yanzu ko kasuwa ta shiga sai an ce ta murza a gani. Amma littafin ta sa shi cikin akwatin da take ajiye takardun makarantarta.

Wajen wata biyu bayan haka, ina fitowa daga aji, wayata ta yi ƙara. Ko sallama Inna ba ta gama ba ta ce, "Na tuna. Mahaifiyarki, in za ta sha fura, sai ta cire ludayin ta ajiye gefe ta kafa kai a ƙwaryar. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ludayi yana ɓata mata lokaci."

Na tsaya a baranda, ɗalibai suna wucewa ta gefena. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Na tambaya ko tana barin farin gashin baki na fura a leɓenta, Inna ta yi dariya ta ce sosai ma, kuma da bayan hannu take gogewa. Muka yi ta dariya mu biyu. Sai dariyar Inna ta tsaya.

"Ko kuwa babbar yayarmu ce mai yin haka?" in ji ta a hankali. "Tsaya. Su biyun suna zama wuri guda."

Babbar yayar tasu ta rasu shekara shida kafin wannan rana, kuma a cikin waɗanda suka zauna gidan nan babu wanda ya rage sai Inna. Na ce ta yi tunani da kyau. Ta ce tana ganin ƙwaryar, tana ganin ludayin a kan tabarma, har tana jin faɗan Innarsu, amma fuskar ƙwarya ta rufe ta.

"Ina jin mahaifiyarki ce," ta ce. "Rubuta ita ce."

Na koma ɗakin malamai na ɗauko littafin da nake shirya darasi, na buɗe shafin baya na rubuta. Na sa alamar tambaya a ƙarshe, na goge, na sake sawa. Aka kaɗa ƙararrawa, na rufe littafin na tafi aji na gaba.